Murya ko rubutu: yadda aka gwada fassara biyu ta lacca ɗaya a Zariya

A ƙarshen damina, lokacin da wake ya fara bushewa a gonakin Giwa da Soba da Maƙarfi, wasu malamai uku da ke aikin wayar da kan manoma a yankin Zariya suka samu izinin fassara wata lacca ta bidiyo daga Turanci zuwa Hausa. Laccar ta minti 24 ce, kuma tana bayani ne a kan adana wake a buhu mai ninki uku, wanda ake kira buhun PICS, wato buhun da masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, mai ledoji biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Hikimar buhun ita ce idan aka toshe hanyar iska, ƙwarin da ke cikin wake sukan cinye ɗan iskar da ta rage su mutu, ba tare da an zuba maganin ƙwari ba. Malaman sun yarda cewa laccar tana da amfani, amma sun saɓa a kan hanyar fassara ta. Ɗaya yana son a ɗora muryar Hausa a kan ta mai laccar, ɗaya yana son a bar muryar Turanci a sa fassarar a rubuce a ƙasan allo, na ukun kuwa bai ɗauki ɓangare ba. Da yake akwai wasu laccoci da dama da ke jiran fassara, kuma kuɗin aikin ba shi da yawa, sai suka nemi in taimaka a tsara gwajin da zai raba gardamar.

Kowane ɓangare yana da hujja mai ƙarfi. Mai son rubutu ya ce aikinsa ya fi sauƙi da araha, domin mutum ɗaya da kwamfuta zai iya gamawa, kuma idan aka gano kuskure daga baya, layi ɗaya za a gyara. Ya ƙara da cewa ɗaliban aikin gona na Samaru za su riƙa jin kalmomin fannin da Turanci suna ganin ma'anarsu da Hausa, abin da zai amfane su a jarrabawa. Mai son murya ya ce yawancin waɗanda ake so saƙon ya kai gare su manoma ne da 'yan kasuwar hatsi da matan da ke gyaran wake a cikin gida, kuma da yawa daga cikinsu sun fi sakin jiki da ajami a kan boko, wasu kuma suna karanta boko amma a hankali. Ya kuma tuna mana cewa kunnen Bahaushe ya daɗe da sabawa da muryar fassara, tun daga rediyo har zuwa finafinan Indiya da ake ɗora wa Hausa. Wannan saɓani ba a Zariya aka fara shi ba: Jamus da Faransa da Italiya da Sifen sun fi karkata ga ɗora murya, Holan da ƙasashen Sikandinebiya sun fi son rubutu, a Polan kuma an saba da mutum ɗaya ya riƙa karanta fassarar a kan muryoyin asali. Sai dai al'adar waɗannan ƙasashe ba za ta gaya mana abin da manomin Kudan zai yi da wayarsa ba.

Shirya fassarorin biyu

Sharaɗi na farko da aka gindaya shi ne fassarorin su fito daga tushe ɗaya. Mutum ɗaya ya fassara laccar gaba ɗaya, wani malamin gona ya duba ta, sannan daga wannan rubutu aka ciro na karantawa da na saurare. Da an ba mutum biyu daban-daban, da abin da za a auna ya zama gwanintar masu fassarar, ba hanyar isar da fassarar ba.

Wahalar rubutun ƙasan allo ita ce lokaci. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka saba bi ita ce kada rubutu ya wuce layi biyu, kowane layi kada ya wuce harafi 42 ko kusa da haka, kuma saurin karatu ga manya ya tsaya a wajen harafi 17 a daƙiƙa ɗaya. Wannan ma'auni an yi shi ne domin mutanen da suka saba karanta harshensu kullum da sauri, saboda haka aka sauke shi zuwa harafi 12 a wannan aiki. Ga yadda abin ya kasance a jumla ɗaya. A minti na 11, mai laccar ya faɗi wata magana cikin daƙiƙa biyar, wadda cikakkiyar fassararta ita ce: «Ka matse ledar ciki har sai iska ta fita gaba ɗaya, sannan ka murɗe bakinta ka lanƙwasa ka ɗaure da igiya.» Wannan jumla harafi 106 ce idan aka haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wato sama da harafi 21 a kowace daƙiƙa, saurin da ko gwanin karatu zai sha wuya da shi. Dole aka rage ta zuwa kusan rabi:

```
87
00:11:20,000 --> 00:11:25,000
Matse ledar iska ta fita,
murɗe baki, lanƙwasa, ɗaure.
```

Yanzu ta sauko zuwa wajen harafi 11 a daƙiƙa, amma an biya farashi: «gaba ɗaya» ta tafi, alhali fitar da iska gaba ɗaya shi ne zuciyar aikin. Irin wannan ragi ya faru sau da yawa a tsawon laccar, kuma duk wanda zai kwatanta hanyoyin biyu ya san cewa mai karatu ba ya samun duk abin da mai saurare yake samu.

An zaɓi a manna rubutun a jikin hoton maimakon a bar shi sai mai kallo ya danna maɓallin `CC` mai kunna rubutun, domin da yawa ba su san da maɓallin ba, kuma idan aka tura bidiyon daga waya zuwa waya rubutun da ba a manna ba yakan ɓace. An adana fayil ɗin a tsarin `UTF-8`, aka zaɓi nau'in rubutu mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, saboda wasu nau'o'in sukan maye gurbinsu da ƙananan akwatuna. An kuma ƙara girman haruffan, ganin cewa mai tattalin data yakan sauke ingancin hoto zuwa `240p` ko `144p`, inda ƙaramin rubutu yake dusashewa.

```
ffmpeg -i lacca.mp4 -vf "subtitles=hausa.srt:force_style='FontName=Noto Sans,FontSize=26'" lacca_rubutu.mp4
```

A ɓangaren murya, ba a yi ƙoƙarin daidaita Hausar da motsin leɓen mai laccar ba, domin wannan aiki ne mai tsada wanda fim yake bukata, lacca kuwa ba ta bukatarsa. An bi tsarin da ake ji a labaran rediyo: muryar asali ta fara, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu a sauke ta ƙasa sosai, muryar Hausa ta hau kai. An sake rubuta fassarar domin baki, aka karya dogayen jumloli, aka mayar da umarni yadda malamin gona zai faɗe shi a gaban manoma. Wanda ya karanta ɗan Zariya ne da ya taɓa aikin gabatar da shirye-shirye, kuma an ɗauki muryar bayan sallar isha'i a ɗaki mai labule da darduma, lokacin da ƙarar babura da janareton maƙwabta suka lafa.

Nan ma an ci karo da matsalar tsawo, amma ta wata fuskar. Lambobi gajeru ne a rubuce, dogaye ne a baki. Abin da allo zai nuna da «13%» sai baki ya ce «kashi goma sha uku cikin ɗari», kuma duk inda mai laccar ya jero adadi, Hausar takan wuce lokacinta. Akwai wanda ya ba da shawarar a bar bidiyon murya ya kai minti 27, amma an ƙi, saboda dalilin lissafi. Rabin minti 24 minti 12 ne, rabin minti 27 kuwa minti 13 da rabi ne, don haka idan tsawon ya bambanta, «sun kalli rabi» ba magana ɗaya ba ce a bidiyoyin biyu, kuma ba za a iya ɗora jadawalin yawan masu kallo na wannan a kan na wancan a ga abin da ya faru a wuri ɗaya ba. An yi amfani da wuraren da mai laccar ya yi shiru, kuma a wurare uku da abin ya gagara, an tsayar da hoton na 'yan daƙiƙoƙi a duka bidiyoyin biyu.

Wa zai kalli wanne

Shawarar da ta fara zuwa ita ce a sa bidiyoyin biyu a YouTube kowa ya gani, bayan mako biyu a duba wanda aka fi zama a kansa. Wannan ba zai ba da amsa ba. Idan mutane suka zaɓa da kansu, masu saurin karatu za su taru a kan na rubutu, sauran su taru a kan na murya, sai a wayi gari ana kwatanta mutane iri biyu, ba fassara iri biyu ba. Ƙari a kan haka, YouTube da kansa yakan tura bidiyon da ya fara samun karɓuwa ga baƙin masu kallo, waɗanda ba su da wake ko tiya ɗaya, kuma saurin ficewarsu zai ja ma'aunin ƙasa ba tare da laifin fassara ba.

Abin da aka yi shi ne wannan. Malaman suna da jerin mutanen da suke hulɗa da su, aka raba su rukuni biyu: manoma da 'yan kasuwar hatsi a gefe ɗaya, ɗaliban aikin gona a ɗaya gefen. A cikin kowane rukuni aka jefa kwabo a kan kowane suna, wanda ya faɗo wa gaba ya samu murya, wanda ya faɗo wa baya ya samu rubutu. An ɗora bidiyon sau huɗu a matsayin `Unlisted`, wato wanda sai mai adireshinsa ne zai gani, da take ɗaya da hoton fuska ɗaya, domin jadawalin YouTube ba zai bambance ɗalibi da manomi ba sai an raba musu adireshi tun farko. An aika wa kowa saƙonsa shi kaɗai a rana ɗaya bayan la'asar, ba a zauren WhatsApp ba, aka roƙe shi kada ya tura wa wani sai bayan mako guda. An kuma saya wa kowa data daidai wa daida, don kada ƙarewar data ta yi kama da gajiya da lacca.

Kafin a ga sakamako aka amince a kan girman tazarar da za a ɗauka da muhimmanci, kuma ina ganin wannan mataki ya hana gardamar sake tashi daga baya. Lissafin ba mai wuya ba ne. Idan mutum 100 suka kalli kowane bidiyo, kuma wajen rabinsu ne suke kaiwa wani wuri, to sa'a kaɗai tana iya haifar da bambancin da ya kai wajen maki 14 cikin ɗari tsakanin bidiyoyin biyu ko da babu wanda ya fi wani. Idan mutum 50 ne a kowane gefe, wannan iyaka takan hau zuwa wajen maki 20. Saboda haka bambancin maki biyar ko shida a gwaji mai wannan girma ba nasara ba ce ga kowa.

Abin da jadawalin ya nuna

A YouTube Studio, wato shafin da mai bidiyo yake duba alƙaluman kallo, rahoton `Audience retention` layi ne da ke nuna kaso nawa na masu kallo ke nan a kowane lokaci na bidiyo, kuma yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya fito. Kusa da shi akwai adadi guda, `Average view duration`, wato matsakaicin lokacin da aka ɗauka ana kallo, wanda shi ne ido yake fara sauka a kai. Wannan adadi ba ya wadatarwa, domin matsakaicin minti 12 yana iya nufin kowa ya kalli rabi ya tafi, yana kuma iya nufin rabin mutane sun fice tun a minti na farko, sauran rabin suka kai ƙarshe. Ga mai son manomi ya koyi ɗaure buhu, waɗannan al'amura biyu ba su da kama. Tambayar da aka riƙe ita ce: mutum nawa ke nan lokacin da aka kai minti na 9 zuwa na 15, inda mai laccar yake nuna yadda ake duba leda ko tana da huda, a cika ta, a fitar da iska, a ɗaure kowace leda ita kaɗai?

A rukunin manoma da 'yan kasuwa, layin bidiyon rubutu ya gangara da sauri a mintuna biyu na farko, ya ci gaba da zubewa a hankali, har ya zama waɗanda suka kai wurin nuna ɗaurin buhu ba su da yawa. Layin bidiyon murya shi ma ya sauka a farko, kamar yadda kowane bidiyo yake yi, amma ya daidaita da wuri ya miƙe. Tazarar da ke tsakaninsu a minti na 9 ta wuce iyakar da aka amince da ita nesa ba kusa ba. A rukunin ɗalibai kuwa layukan biyu sun tafi kusan tare, kuma ɗan fifikon da rubutu ya nuna bai kai a gina hukunci a kansa ba.

Wuri mafi ban sha'awa shi ne tsakanin minti na 9 da na 15 a bidiyon rubutu, inda layin ya yi tudu-tudu a duka rukunonin biyu. Tudu a wannan jadawali yana nufin mutane sun koma baya sun sake kallon wurin. Mai son rubutu ya fara fassara wannan da cewa wurin ya burge su, amma da aka buɗe bidiyon aka duba daƙiƙoƙin da tudun ya faɗo, sai aka ga duk wurare ne da hannun mai laccar yake aiki a bakin leda yayin da rubutu yake gudana a ƙasa. Wani dattijo mai sayar da hatsi a Sabon Gari ya bayyana abin da kyau lokacin da aka kira shi: ya ce wa malamin da ya kira shi idan ya karanta rubutun sai hannun ya riga ya gama ɗaurin, idan kuma ya bi hannun sai rubutun ya wuce, shi ya sa yake kallon kowane wuri sau biyu, sau ɗaya don karatu, sau ɗaya don gani. A bidiyon murya babu irin wannan tudu, domin kunne ya ɗauki bayani, ido ya zauna a kan hannu. Wannan ya yi daidai da abin da masu nazarin koyo ta hoto da sauti, irin su Richard Mayer, suka daɗe suna nunawa, cewa idan hoto yana bukatar ido, bayanin baki ya fi bayanin rubutu sauƙin ɗauka. Binciken motsin ido da Géry d'Ydewalle ya yi a Beljiyam ya kuma nuna cewa mai iya karatu yakan karanta rubutun ƙasan allo kusan ba da son ransa ba, don haka ba a iya ce masa ya ƙyale rubutun ya kalli hannu.

Akwai kuma wani rami daga minti na 17 zuwa na 20, inda mai laccar ya tsaya a kan wani dogon jadawalin alƙaluma. Wannan rami ya bayyana a duka bidiyoyi huɗu a wuri ɗaya. Ƙa'idar karanta irin wannan sakamako ita ce idan layukan duka suka faɗi tare, matsalar tana cikin laccar kanta. Idan ɗaya ne ya faɗi ɗayan ya tsaya, sai a tuhumi fassarar. Da bidiyo ɗaya kawai aka duba, da an ɗora laifin ramin a kan mai karanta muryar.

Zama a kan bidiyo da riƙe abin da ke cikinsa

Jadawalin yana auna tsawon lokacin da bidiyo ya yi yana tafiya, ba ya auna abin da ya shiga kai. Bidiyon murya yana da wata dama da ke iya ruɗin mai gwaji: mutum zai iya jingina wayar da bango ya ci gaba da sheƙar wake ko hira, bidiyon ya kai ƙarshe, a lissafa shi cikin waɗanda suka kalla duka. Mai bidiyon rubutu kuwa idan ya ɗauke ido babu abin da yake samu, sai ya kashe. Saboda haka aka ƙara mataki na biyu: bayan mako ɗaya, wata malama da ba ta san wanda ya kalli wanne ba ta kira mutane a waya ta yi musu tambayoyi shida da baki, uku a kan jerin matakai, uku a kan adadi, kamar iyakar danshin da wake zai kasance da shi kafin a zuba shi a buhu, wadda mai laccar ya ce kada ta wuce kashi 13 cikin ɗari. Waɗanda ke kusa, a Samaru da Bomo da Shika, an kai musu buhu aka ce su ɗaure a gani.

A nan akwai tarko wanda ya kamata a tsaya a kansa. An kira duk wanda aka aika wa bidiyo, har da wanda ya fice a minti na biyu. Da waɗanda suka kai ƙarshe kaɗai aka tambaya, da bidiyon rubutu ya fito da sakamako mai kyau ƙwarai a rukunin manoma, ba don rubutu ya fi koyarwa ba, sai don ya riga ya tace mutanensa, ya bar mafi iya karatu da mafi naci. Abin ya yi kama da a tankaɗe gari sannan a yaba wa rariya cewa duk abin da ke cikin ƙwarya mai laushi ne. Manomin da ya fice bai koyi komai ba, shi ma sakamakon fassarar ne, kuma dole a ƙidaya shi.

Da aka ƙidaya kowa, murya ta yi gaba a tambayoyin matakai da ɗaurin buhu, a fili a rukunin manoma, da ɗan rinjaye a rukunin ɗalibai. Kuskuren da ya fi yawa ga masu bidiyon rubutu shi ne haɗa ledojin biyu a ɗaure su tare, wanda ke nuna cewa sun karanta «ɗaure» amma ba su ga yadda aka yi ba. A tambayoyin adadi kuwa al'amarin ya juya. Waɗanda suka ga «13%» a rubuce sun fi tuna shi, masu saurare da yawa kuma sukan ce dai a shanya wake ya bushe sosai, lambar ta wuce su. Wata Hajiya da ke sayen wake tana ajiyewa har bazara ta faɗa wa malamar cewa su biyar suka saurara tare da kishiyarta da 'ya'yansu mata, waya tana tsakiyar tabarma, kowa ta fahimci ɗaurin, amma babu wadda ta riƙe lambar. Maganarta ta tona wani abin da jadawali ba ya gani: a cikin gida, kallo ɗaya da YouTube ya lissafa yana iya zama mutum biyar, kuma mutum biyar suna iya sauraren waya ɗaya amma ba za su iya karanta ƙaramin allonta tare ba.

Hukuncin da aka yanke

An zaɓi ɗora murya a matsayin babbar fassara ga wannan lacca da sauran masu nuna aikin hannu, duk da cewa ta fi tsada kuma gyaranta ya fi wahala, tunda kuskuren kalma ɗaya yana nufin sake kiran mai karatu da sake daidaita sauti. Saboda wannan aka sa doka cewa malamin gona zai sa hannu a kan rubutun kafin a kunna na'urar ɗaukar murya. An kuma ɗauki darasin da rubutu ya bayar: duk inda aka ambaci adadi ko ma'auni, za a rubuta shi da manyan lambobi a saman allo, shi kaɗai ba tare da jumla ba, ya tsaya aƙalla daƙiƙa biyar, kuma a lokacin da hannun mai laccar ba ya aikin da ake bukatar gani. Mai karanta muryar zai maimaita lambar sau biyu. Ba a manna cikakken rubutun Hausa a ƙarƙashin muryar Hausa ba, domin zai sake janye ido daga hannu. An bar shi a `CC` ga ɗalibai da masu matsalar ji da wanda yake kallo a wurin da ba zai iya buɗe sauti ba. Dogon jadawalin minti na 17 kuma an nemi izinin mai laccar aka taƙaita shi zuwa layuka uku.

Mai son rubutu ya amince da hukuncin, amma ya kawo wani sharaɗi da nake ganin yana da gaskiya a cikinsa. Ya ce abin da aka gwada lacca ce ta aikin hannu, ga mutanen da yawancinsu ba sa saurin karanta boko, kuma sun san ana lura da su an kuma saya musu data, abin da zai sa su daure fiye da yadda za su yi a ranar da babu mai tambayarsu. Lacca ta gaba a jerin tana magana ne a kan lissafin riba da asara na ajiye hatsi zuwa bazara, kusan dukkanta lambobi ne a kan allo, babu hannu babu buhu, kuma masu kallonta za su fi zama shugabannin ƙungiyoyin manoma da magatakardansu. An amince cewa ba za a ɗora mata hukuncin laccar buhu ba. Za a fassara minti takwas na farkonta ta hanyoyin biyu, a sake jefa kwabo a kan sabon jerin sunaye, a duba layin a daidai wurin da aka fara lissafin kuɗin buhu da na ɗaukar kaya, sannan a yi kiran waya bayan mako guda kafin a kashe kuɗin fassara sauran.